Babi na Biyar: Mazurarin Ciniki, Daga Kallo Zuwa Biya

"Mutum dubu huɗu sun kalli bidiyona, wasu sun yaba, wasu sun ce Allah ya sa albarka. To ina cinikin?" Duk wanda ya fara ɗora hajarsa a TikTok ko Facebook, daga Magarya har Dungas, ya yi wa kansa wannan tambaya ko sau ɗaya. Wasu ma sukan ƙara da cewa ai mutanen waya 'yan kallo ne kawai, ba masu saye ba. Da gaskiyarsu, amma rabin gaskiya. Ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, masu zagaya turken raguna sun ninka masu cire kuɗi sau da yawa. Bambancin shi ne dillali a can ya san yadda zai ja mai kallo gefe, ya zaunar da shi, ya kai shi ga taya. A waya kuwa yawancinmu muna nuna kaya ne mu koma gefe mu zauna, muna jiran kuɗi su faɗo daga sama.

Me ya kawo mazurari cikin maganar?

Ka tsaya wajen mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanyar Tinkim ka duba aikinsa. Bakin jarka faɗi gare shi, bakin tankin babur ƙarami ne. Da zai tuttula kai tsaye, rabin man a ƙasa zai ƙare. Sai ya sa mazurari: sama buɗe, ƙasa matsattse, mai ya bi hanya ɗaya har inda ake so.

Masana talla sun ari sunan wannan abu ne don bayyana tafiyar mai saye. A sama akwai taron masu kallo, a ƙasa akwai 'yan ƙalilan da suka biya. Sai dai kwatancen yana da gurgunta guda, kuma gara a faɗe ta tun yanzu: mazurarin mai fetur ba ya yoyo, na ciniki kuwa duk jikinsa huji ne. Ba za ka taɓa toshe su duka ba. Aikinka shi ne ka san hujin da ya fi zubar maka, ka fara da shi.

A yankinmu matakan huɗu ne. Mutum ya ga kaya. Ya yi maka magana a WhatsApp, kuka ajiye lambar juna. Kuka daidaita, ya ba da kafin alƙalami. Kaya suka isa hannunsa, ya cika kuɗi. Ba shafin intanet, ba katin banki, ba komai mai tsada. Waya ɗaya, littafi ɗaya da biro sun isa.

Bari mu bi matakan da misali ɗaya har ƙarshen babin. A ce wata mata ce a Bande, tana matsar man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli, kamar yadda uwarta ta yi. A da yarinya ce ke ɗaukar tire ta zaga gari. Yanzu tana son wayarta ta kai tallan har Damagaram. A ce tana sayar da jarka mai lita 5 a kan jika 7, wato sefa 7,000, ribarta a kowace jarka jika ɗaya. Waɗannan kuɗi da duk lissafin da zai biyo baya na misali ne. Kowa ya sa nasa.

Bakin mazurari: wa kike kira?

Kuskuren farko shi ne murna da yawan masu kallo. TikTok ba ta tsayawa a iyakar ƙasa, harshe take bi da abin da mutane suka tsaya kallo. Bidiyon Hausa da aka ɗauka a Bande zai iya faɗawa wayar mutumin Kano, da na Kumasi, da ɗan ci-rani a Sabha. Duk za su kalla, wasu har su tambayi kuɗi. Amma jarkar mai ba ta da fiffike. Inda motar tasha take kaiwa a yini ɗaya, kuɗin mota bai cinye riba ba, nan ne iyakar kasuwarki. Ga mai man Bande, wannan na nufin Magarya, ƙauyukan kan hanya, da birnin Zinder, wanda tsakaninsa da Magarya kimanin kilomita 90 ne.

Saboda haka bidiyon kirki yana kira, yana kuma kora. Cikin daƙiƙoƙin farko a ji abu uku da baki: mene ne kayan, nawa ne, ina ake kaiwa. "Man gyaɗa ne na matsar hannu daga Bande, jarkar lita biyar jika bakwai, muna sawa a mota zuwa Damagaram Litinin da Alhamis." Wanda yake Abidjan ya ji wannan zai wuce abinsa, kuma wucewarsa alheri ne, don bai cinye miki forfe da lokaci ba.

Mata da yawa suna ƙin faɗin kuɗi a fili. Wasu kunya, wasu tsoron 'yar'uwar sana'a ta karya farashi, wasu kuma sun saba da cewa ciniki sai an yi taya. Ni dai ina ganin ɓoye farashi hasara ce ga ƙaramin kaya irin mai, sabulu ko turare. Saƙo arba'in na "nawa ne?" wahala ce kawai aka tara. Ga babban kaya irin ragon layya, inda kowane da kuɗinsa, a faɗi aƙalla daga inda ake farawa.

Me za a nuna? Aikin kansa. Gyaɗa a kasko, tunkuza ana murzawa, mai yana tsattsafowa, sannan a ɗaga kwalba a rana a ga launinsa. Abin da mai sayen man gyaɗa yake tsoro shi ne gauraye, don haka hannu cikin aiki ya fi kowane kirari. Matar da ba ta son fuskarta ta fita ba sai ta nuna ba, hannu da murya sun wadatar. Lambar waya kuma a rubuta ta manya-manya a kwali a ajiye kusa da kayan, a kuma karanta ta da baki a ƙarshe, sannu a hankali, sau biyu. Cikin masu sayen akwai waɗanda ba su yi boko ba, amma ba wanda ba ya gane lamba.

Akwai wani rukuni na nesa da bai kamata a kora ba. Ɗan ci-ranin da ke Libiya ko Aljeriya ko Legas, iyalinsa kuma suna Dogo-Dogo ko Yekuwa, mai saye ne na gaske: shi zai biya, a kai wa tsohuwarsa. Jimla ɗaya a ƙarshen bidiyo ta ishe shi: "Wanda yake waje, in yana son a kai wa gida, ana kaiwa."

Ƙofa ɗaya tak

Kada a ce wa mutum ya yi sharhi, ya bi shafi, ya tura wa abokai, ya kuma kira waya. Wanda aka nuna wa ƙofa huɗu a tsaye zai kwana. Abu ɗaya ake so ya yi: ya zo WhatsApp.

A Facebook, da duk inda ake iya danna rubutu, akwai gajeriyar hanya. WhatsApp tana da adireshin da ke buɗe hira da mai lamba kai tsaye ba sai an ajiye lambar ba. Ana rubuta 227, lambar ƙasar Nijar, sai lambobi takwas na waya, ba alamar tarawa, ba sarari:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX?text=Na%20ga%20mai%20a%20Facebook
```

Abin da ke bayan `?text=` saƙo ne da zai fito a rubuce a wayar mai saye, sai dai ya danna turawa kawai. `%20` kuma yana tsaya wa sarari tsakanin kalmomi. Amfaninsa biyu ne. Wanda rubutu ke ba wuya ya huta, ke kuma kin san ta inda ya zo. In kika canja kalmar ƙarshe ga kowane wurin da kika sa adireshin, ƙarshen mako za ki san wace kafa ce ke kawo mutane. Wanda ya kwafi lamba daga bidiyo kuwa sai a tambaye shi: "Malam, a ina ka ga tallan?"

Ajiye lamba, nan ne wuyan mazurari

Wannan matakin ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ya raba mai talla da mai kasuwa. Wanda ya ga bidiyonki a TikTok yau, wataƙila ba zai sake ganinki ba har abada. Manhajar ce ke zaɓar abin da take nuna masa. Amma a WhatsApp dokar a fili take. Mutum ba ya ganin Status ɗinki sai in kin ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Saƙon da aka tura ta jerin watsawa, wanda wayoyi masu Faransanci ke kira `Liste de diffusion`, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki, kuma jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256. Ke nan duk wanda ya yi magana ya tafi ba a ajiye lambar juna ba, ya zube ta huji.

To yaya ake sa mutum ya ajiye? Ba da roƙo ba, da dalili. "Hajiya, ki ajiye lambar nan da sunan Mai Man Bande. Duk ranar da na matsa sabo ina sawa a Status, kuma ranar mota ina sanarwa." Daga nan ke ma ki ajiye tata, da suna mai amfani: gari, sana'a, abin da ta tambaya. "Zinder ƙosai mai 5" ya fi "Hajiya 14" sau dubu, don bayan wata biyu sunan kaɗai zai tuna miki ko wace ce.

Amsar farko ta kasance da murya, kuma da wuri. Mai ƙosan da manta ya kusa ƙarewa ba za ta jira gobe ba, maƙwabciyarta ma na sayar da mai. In rezo yana wahala a unguwarku, ko caji sai an kai shago, ki tsayar da lokaci biyu a yini, bayan azahar da bayan isha'i, ki faɗa a bidiyo cewa lokacin kike amsawa. Wanda ya san lokacin amsa yana haƙuri. Wanda aka bari shiru shi ke tafiya.

Bayanin da ake maimaita wa kowa, wato farashi, ranar mota da yadda ake biya, ana iya ɗaukarsa da murya sau ɗaya a riƙa turawa. Sai dai WhatsApp tana sa alama a kan saƙon da aka tura daga wata hira, kuma mutane suna lura. Don haka gaisuwar ta zama sabuwa, da sunan mutum ko garinsa a ciki, sannan bayanin ya biyo baya. Ba a shiga ciniki da Bahaushe ba gaisuwa, ko a waya.

Zauren WhatsApp fa? Ban cika so ba ga mai farawa. Kowa yana ganin lambar kowa, wata mai irin sana'arki za ta shigo ta kwashe miki mutane, kuma kafin mako biyu ya cika da gaisuwar Juma'a da hotunan da ba su shafi mai ba, masu sayen gaske su toshe shi.

Kafin alƙalami

"Ina so" ba ciniki ba ne. A bakin mutanenmu sau da yawa ladabi ne, hanyar fita daga hira ba tare da an ce a'a ba. Abin da ke raba mai so da mai saye shi ne ya saki wani abu daga hannunsa.

A nan tsoro biyu ke karo. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a rufe waya. Mai kaya tana tsoron ta sa jarka a mota a ce "wallahi na fita unguwa", kaya su kwana a tasha, ga kuɗin mota ya tafi. Maganin da ya fi dacewa shi ne a raba tsoron biyu: mai saye ya ba da abin da zai rufe kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan ƙari, a misalinmu jika biyu, sauran jika biyar sai kaya sun iso. In ya fasa, ba ki yi hasara ba. In ke kika ci amana, abin da ya rasa kaɗan ne. Bayan ciniki biyu ko uku yawanci zancen ma ba ya tasowa.

Hanyoyin biya sanannu ne: NITA da Amana, da manhajojinsu na waya, ko Airtel Money da makamantansu. Ki zaɓi wadda take da ofishi ko wakili kusa da ke, ki faɗe ta guda ɗaya a bayaninki, ta biyu sai in an tambaya. Abu ɗaya ba a sassauci a kansa: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ana gyara hoto, ana kuma sake turo na jiya. Kaya ba sa barin gida sai kuɗin sun bayyana a asusunki ko kin karɓa a hannu.

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin tarko. Jika a bakinmu sefa 1,000 ce. Jaka a bakin mutumin Najeriya naira 200 ce. Mu muna ƙirga da dala, shi da naira. In mai saye daga Babura ko Daura ya shigo, a rubuta kuɗin da lamba, a sa sunan sefa a gaba, a kuma ce canji na ranar biya ne, don naira tana iya motsawa tsakanin ranar magana da ranar mota. Kuma kada a gina kasuwa duka a kan ƙetare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Wanda duk masu sayensa suke can ya ji a jikinsa.

Ranar mota, ɗauki hoton jarkar da sunan mai ita a rubuce a jiki, ki tura tare da lambar direba da lokacin tashi. Wannan hoton, in an rufe suna da lamba, shi ne kuma talla mafi ƙarfi da za ki sa a Status, don yana nuna wa masu shakka cewa wasu sun biya kuma an aika.

Littafin da ke nuna huji

Yanzu ga inda biro ke shigowa. Layi huɗu a kowane mako: masu kallo, masu magana, masu cewa suna so, masu biya.

A ce makon farko mai man Bande ta sa bidiyo uku. Kallo 4,000, saƙo 40, masu cewa suna so 10, masu biya 3. Ribar jika uku, forfe ya ci ɗaya. Zuciya za ta ce mata ta ƙara bidiyo. Littafi kuwa cewa zai yi ta koma ta karanta saƙonnin nan arba'in. Ta duba, sai ta ga 18 daga Kano, Agadas da ƙasashen waje suke. Wasu 12 sun ji farashi sun yi shiru. Cikin goman da suka ce suna so, bakwai sun ɓace a daidai lokacin da ta ce a turo jika bakwai gaba ɗaya.

Huji biyu ke nan, kuma ba ɗaya da yake a wajen kallo. Mako na biyu ta gyara na farko kawai: ta faɗi gari da farashi a farkon bidiyo. Kallo ya faɗi zuwa 1,500, saƙo ya koma 20, masu so 9, masu biya 3. Kuɗi bai ƙaru ba, amma wahala ta ragu da rabi, kuma kusan duk mai magana yanzu mutumin da mota ke kaiwa gare shi ne. Mako na uku ta gyara na biyu, ta koma karɓar jika biyu kafin alƙalami. Cikin masu so 9, shida suka biya. Da ta canja abu biyun a mako ɗaya, da ba ta san wanne ya yi aiki ba. Shi ya sa ake taɓa ɗaya-ɗaya.

Kowane huji da alamarsa. Kallo da yawa ba saƙo: ko dai lambar ba ta fito sosai ba, ko bidiyon nishaɗi ne ba talla ba, mutane sun yi dariya sun wuce. Saƙo da yawa, shiru bayan farashi: waɗanda kike kira ba masu sayen irin kayanki ba ne, ko kuwa ba ki nuna abin da ya sa naki ya fi na kanti tsada ba. An ce ana so, ba a biya ba: amana ce ba ta ƙullu ba. An saya sau ɗaya ba a dawo ba: wannan ba laifin waya ba ne, a koma a duba man, ko mudun, ko jinkirin mota.

Lissafin mako ɗaya ba hujja ba ne, musamman da lambobi ƙanana irin waɗannan. Mutum uku ko shida, rasuwa ɗaya a unguwa ko ruwan sama ranar mota na iya juya su. Haka kuma da kaka gyaɗa na araha, kowane gida da mansa, da bazara kuwa ga tsada ga masu nema. Sai an tara makonni huɗu ko biyar kafin a yanke hukunci.

Ƙasan mazurari

Cikin mutum shidan nan da suka biya, a ce biyu masu ƙosai ne, kowace tana ƙarar da jarka cikin kwana goma. Su biyun kaɗai jarka shida ne a wata, ba bidiyo, ba bayani, ba tsoron juna. Mai man Bande ta rubuta ranar da kowace ta karɓa, ranar kwana na takwas ta aika murya: "Hajiya, ina kwana, ya kasuwa? Alhamis akwai mota, in sa miki?" Daƙiƙa goma ke nan, kuma ta fi bidiyo uku kawo kuɗi.

Sai dai daga nan wata matsala ke kunno kai. Hajiyar da ta saya sau huɗu, a na biyar za ta ce a ba ta bashi zuwa ranar kasuwa, kuma ƙin ba ta na iya kashe cinikin, bayarwa kuma na iya kashe jarin. Wa ake ba bashi a cinikin waya, nawa, zuwa yaushe, kuma da wane baki ake tambayar kuɗin ga mutumin da ba a taɓa ganin fuskarsa ba? Da wannan babi na shida zai fara.